Farashin da aka soke da taurarin da aka jera: abin da suke yi wa mai saye

Tambaya: Malam, na yi niyyar sayen wayar da ba ta wuce wani adadi ba. Sai na ga wata an soke tsohon farashinta an rubuta sabo, ga taurarin yabo kusan biyar da masu saye suka ba ta, ga dubban mutane sun saya. Na ƙara kuɗi na saye ta ina murna. Yanzu da na natsu sai nake tambayar kaina, me ya sa na ji kamar riba na ci alhali na wuce abin da na tsara?

Amsa: Malama, abubuwa biyu ne suka yi aiki a kanki a lokaci guda, kuma kowanne ya amsa miki wata tambaya ce da ba ki da amsarta a hannu. Farashin da aka soke ya gaya miki nawa wayar ta cancanta. Taurari da yawan masu saye kuma suka tabbatar miki cewa ba za ki yi nadama ba. Duk mai saye yana ɗauke da waɗannan tambayoyi biyu, kuma idan bai zo da amsarsa ba, amsar da ya fara cin karo da ita yake ɗauka.

Bari mu sa lambobi domin maganar ta fito fili, ko da wane irin kuɗi ne. A ce kin ware 100. Wayar da kika gani an rubuta 200 an ja masa layi, an sa 140 a ƙasa, an ce rangwamen kashi 30 cikin 100. Kafin idonki ya sauka a kan wannan, lissafinki shi ne 100, kuma da a ce 140 kawai aka rubuta, da nan take kin ce ta yi tsada da 40. Amma da 200 ya fara shiga ido, sai ma'aunin ya sauya. Kin daina auna 140 da abin da ke aljihunki, kin koma auna shi da 200, sai ya zama kin tsira da 60. Kuɗin da ya fita ɗaya ne a duka lissafin biyu. Abin da ya canza shi ne wurin da kika tsaya kina kallonsa.

Masu nazarin yadda mutane ke yanke shawara sun daɗe da sanin cewa lambar farko tana zama kamar turke: tunani zai yi ta kewaya, amma ba ya nisa da inda aka kafa shi. Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna haka a 1974 da wani gwaji mai sauƙi. Sun juya wata ƙafar caca a gaban mutane, wadda aka riga aka saita ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa ne na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suke Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsakiya ta kasance kashi 25, waɗanda suka ga 65 kuma kashi 45. Kowa ya ga da idonsa cewa lambar daga caca ta fito, ba ta da alaƙa da tambayar, amma duk da haka ta ja su. To idan lambar banza ta iya yin haka, ina ga lambar da aka rubuta a jikin kayan aka ce ita ce farashinsa na asali.

Hanyar da abin ke bi kashi biyu ce. Ta farko, mutum yakan fara daga lambar da aka ba shi ya riƙa sauka, ya tsaya da zarar ya iso wurin da ya ga zai iya yiwuwa. Wurin da zai iya yiwuwa kuwa yana da faɗi. Idan wayar za ta iya kaiwa tsakanin 110 da 150, wanda ya sauko daga 200 zai tsaya kusa da 150, wanda ya hauro daga 60 zai tsaya kusa da 110, kuma kowannensu zai rantse cewa ra'ayin kansa ne. Ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Da zarar kin tambayi kanki ko wayar ta kai 200, ƙwaƙwalwa za ta shiga nemo dalilan da za su sa ta kai: kyamararta, girman allonta, sunan kamfanin. Ko da daga baya kin ce a'a ba ta kai ba, waɗannan dalilai sun riga sun taru a gaba, su ne za ki yi hukunci da su. Abin da zai rage mata daraja, kamar ƙarancin wurin ajiya ko batirin da ba ya jimawa, ba a kira shi ba, don haka bai zo ba.

Kada ki ɗauka rashin ƙwarewa ne. A 1987 Gregory Northcraft da Margaret Neale sun kai dillalan gidaje su duba wani gida a Tucson ta jihar Arizona, suka ba kowa takardun bayani iri ɗaya, in ban da farashin da aka ce mai gidan ya sa, wanda suka sauya daga rukuni zuwa rukuni. Ƙiyasin dillalan ya bi wannan farashi sama da ƙasa. Da aka tambaye su abin da suka duba, mafi yawansu ba su ma ambaci farashin ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin: wanda abin ya kama ba ya jin an ja shi, ji yake ya yi nazari. Shi ya sa gargaɗi kaɗai ba ya wadatarwa, kuma gwaje-gwajen da aka gaya wa mutane tun farko su yi hattara da lambar sun nuna cewa tana ci gaba da jan su.

Sai dai akwai iyaka, kuma iyakar ce ke nuna inda maganin yake. A 2003 Dan Ariely da George Loewenstein da Drazen Prelec sun sa ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka su rubuta lambobi biyu na ƙarshen lambar shaidarsu, sannan su yi tayin wasu kayayyaki. Masu manyan lambobi sun taya wani allon rubutu na kwamfuta kusan dala 56, masu ƙananan lambobi kusan dala 16. Labarin ya yi suna sosai, amma da wasu masu bincike suka sake irin gwajin daga baya, tasirin da suka samu ya yi ƙasa da haka ƙwarai. Abin da ni na ɗauka daga nan shi ne, lambar da ba ta da alaƙa da kaya ba kullum take da ƙarfi a kan abin da mutum zai biya ba. Mai ƙarfin ita ce lambar da ta yi kama da gaskiya, a kan kayan da mai saye bai san farashinsa ba. Abin da kike saye kowane mako ba wanda zai ruɗe ki a kansa da farashin da aka soke, domin kina da taki lambar. Waya, katifa, firiji, inshora, kayan da ake saye sau ɗaya a shekaru, nan ne turken ke kamawa.

Da kin ɗauki minti goma kin duba wayar nan a wurin wasu masu sayarwa uku, a ce kin samu 135 da 145 da 150, da kin ga cewa farashinta na yau da kullum yana wajen 143. Rangwamen gaskiya ke nan bai wuce 3 ba, wato kusan kashi 2 cikin 100, ba kashi 30 ba. Lambar 200 ɗin tana iya zama farashin da aka fito da ita shekara biyu da suka wuce, ko farashin da kamfani ya ba da shawara wanda ba a taɓa sayarwa a kansa ba, ko kuma wanda aka ɗaga na 'yan kwanaki domin a samu abin sokewa. Wannan dabara ta ƙarshe ta yaɗu har Tarayyar Turai ta yi mata doka: tun daga 2022, mai shelar rangwame dole ya nuna mafi ƙarancin farashin da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka gabata a matsayin tsohon farashi.

Wani zai ce to masu sayarwa su daina mana. Wani babban kamfani ya gwada. A 2012 shugaban kantunan J.C. Penney na Amurka, Ron Johnson, ya soke yawancin rangwamen da takardun ragi, ya sa farashi ɗaya mai sauƙi kai tsaye. Cinikin kamfanin ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100 a shekarar, aka sallame shi a watan Afrilun 2013, aka dawo da tsohon tsari. Akwai wasu kurakurai a tafiyar tasa, amma darasin ya zauna a zukatan 'yan kasuwa: mutane sun fi son a ce musu 140 daga 200 da a ce musu 140 kawai. Jin an ci riba shi kansa wani abu ne da ake saye.

Yanzu ga ɓangare na biyu. Farashin da aka soke yana da rauni ɗaya, wato yana iya tayar da zargi. Mai hankali zai ce, in da gaske kayan na da kyau, me ya sa aka karya shi haka? A daidai wannan gaɓa taurari ke shigowa. A ce wayarki tana da tauraro 4.6 daga mutum 3,200, ga kuma rubutu cewa ita aka fi saye. Zargin ya mutu, domin zuciya ta ce mutum dubu uku ba za su taru a kan kuskure ba. Haka kuma yawan masu saye yana sa 200 ɗin ya zama abin yarda. Kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa, shi ya sa da wuya ki ga ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Bin sawun jama'a ba wauta ba ne a asalinsa. Idan mutum dubu kowa ya gwada kaya da kansa ya ba da ra'ayinsa ba tare da ya ji na wani ba, haɗuwar ra'ayinsu ta fi naki ke kaɗai nesa ba kusa ba. Matsalar tana cikin wannan sharaɗi na cewa kowa da kansa. Idan na biyu ya saya ne don ya ga na farko, na uku don ya ga biyu, na ɗari don ya ga casa'in da tara, to abin da ke gabanki ra'ayin mutum biyu ko uku ne da aka yi ta maimaitawa, ko da lambar ta ce dubu.

Gwajin da ya fi nuna wannan shi ne na Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, wanda ya fito a mujallar Science a 2006. Sun tara mutum sama da 14,000 suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, su saurara su sauke wadda suke so. Wani rukuni ba ya ganin abin da kowa ya zaɓa, shi ne ma'aunin ingancin waƙoƙin. Sauran an raba su gida takwas, kowane gida yana ganin adadin saukewar 'yan gidansa kaɗai. Da inganci ne kawai ke aiki, da duk gidajen sun fitar da zakara ɗaya. Ba haka aka samu ba. Wata waƙa da ta zo ta 26 a wurin waɗanda ba sa ganin kowa ta zo ta ɗaya a wani gida, ta zo ta 40 a wani. Waƙoƙin da suka fi kyau ba kasafai suke faɗuwa ƙasa ba, mafi muni ma ba kasafai suke hawa sama ba, amma duk na tsakiya sa'ar farko ce ke yanke musu hukunci. Ki mayar da wannan kan waya: alamar cewa ita aka fi saye tana ba ki tabbacin cewa da wuya ta zama mafi muni, ba ta ce miki ita ce mafi kyau ba, balle ta ce ita ta dace da buƙatarki.

Taurarin ma ba su tsira ba. A 2013 Lev Muchnik da Sinan Aral da Sean Taylor sun yi gwaji a kan rubuce-rubuce sama da 100,000 da mutane ke jefa wa ƙuri'ar yabo ko suka. Sun riƙa jefa ƙuri'ar farko da ka, ba tare da duba abin da aka rubuta ba. Yabo ɗaya na ƙarya a farko ya ƙara yiwuwar mai zuwa ya yaba da kashi 32 cikin 100, kuma ya ɗaga makin ƙarshe da kusan kashi 25. Suka ta ƙarya kuwa jama'a sun riƙa gyara ta. Wato kuskuren yabo yana taruwa, na suka yana gogewa, don haka maki yakan karkata sama. Ƙara da cewa masu rubuta ra'ayi galibi waɗanda suka ji daɗi sosai ne ko suka fusata sosai, na tsakiya sukan yi shiru, kuma da yawa suna ba da tauraronsu ne a makon farko, lokacin da waya ke sheƙi kuma batiri bai fara gajiya ba. Wadda ta ji ta tsira da 60 tana cikin farin ciki, za ta ba da biyar, kuma wannan biyar ɗin ne zai tarbi mai zuwa bayanta. Ban ma shiga batun ra'ayoyin da ake saye da kuɗi ba, wanda ya kai hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar hana shi a 2024.

Akwai wani kuskure da kusan kowa ke yi wajen karanta lambobin biyu. Yawan masu ra'ayi yana nuna yadda za a amince da makin ne, ba ya ƙara wa kayan kyau. A ce akwai wata waya ta 95 mai tauraro 4.5 daga mutum 60. Ido zai ce 3,200 ya fi 60 nesa, amma bambancin 4.6 da 4.5 bai kai a kira shi bambanci ba, kuma mutum 60 na gaskiya sun isa su nuna cewa kayan ba shara ba ne. Wani bincike na Derek Powell da abokan aikinsa a 2017 ya gano cewa ko da kaya biyu duk makinsu ya yi ƙasa, mutane sun fi zaɓar mai yawan ra'ayoyi. A lissafi kuwa akasin haka ya kamata, domin mummunan maki daga mutum dubu tabbaci ne cewa kayan ba shi da kyau, mummunan maki daga mutum goma kuma yana iya zama rashin sa'a.

Abin da ke aiki a aikace shi ne sauya jerin matakan, tun da ba a iya goge lamba bayan an gan ta. Kafin ki kalli kowane kaya, ki rubuta iyakar kuɗinki da abubuwa biyu ko uku da dole kayan ya yi miki, misali batirin da zai kai yini da wurin ajiya mai isa. Rubutawa nake nufi da gaske, domin adadin da ke cikin kai kawai yakan miƙe ba tare da an lura ba. Sannan ki nemo farashin abu ɗaya daga wurare uku da ba su da alaƙa da juna, ki ɗauki matsakaicinsu a matsayin ma'auninki. Idan kin riga kin ga farashin da aka soke, akwai dabarar da aka gwada ta kuma rage tasirin: Thomas Mussweiler da abokan aikinsa a shekarar 2000 sun sa masana motoci su kimanta wata tsohuwar mota bayan an faɗa musu wani farashi, kuma waɗanda aka ce su fara kawo dalilan da suka sa farashin bai dace ba sun fi kuɓuta daga janshi. Don haka ki tilasta wa kanki kawo dalilai uku da suka sa wayar ba ta kai 200 ba. Ragewa yake yi, ba ya kawarwa gaba ɗaya, amma yana kiran bayanan da turken ya hana su zuwa.

Wajen ra'ayoyin jama'a kuma, ki bar makin gaba ɗaya ki tafi ga masu tauraro biyu da uku, domin su ne suka fi faɗin takamaiman abu. Ki duba ko ƙorafi ɗaya yana maimaituwa a bakin mutane daban-daban, kuma ko ya shafi abin da kika rubuta. Ki jera su daga na baya-bayan nan, ki nemi waɗanda suka ce sun yi wata shida ko shekara da kayan. Idan kika ga yabo da yawa sun zubo cikin 'yan kwanaki, gajeru, masu kama da juna, babu mai ambaton wani abu na musamman game da kayan, ki ɗauke su kamar babu. Haka idan ra'ayoyin suna maganar wani kaya dabam da wanda ake sayarwa, alama ce an ɗora sabon kaya a kan tarihin tsoho.

Game da wayar da ke hannunki, tambaya ɗaya za ta raba miki gardama. Da a ce an rubuta 140 kawai, babu layi, babu taurari, ga ta 95 a gefenta, za ki ƙara 45 ɗin saboda wani abu da za ki iya ambata da suna? Idan akwai shi, kuma kina amfani da shi kullum, to cinikinki ya yi, kin dai biya farashin kasuwa ne ba rangwame ba. Idan kin rasa abin ambata kuma wa'adin mayar da kaya bai wuce ba, ki duba sharuɗɗan mayarwar tun yau, musamman ko suna karɓar wadda aka riga aka buɗe kwalinta.